Idan Ciwo Ya Kwantar Da Ɗalibi: Takardar Jingine Karatu Da Shaidar Likita

A jami'o'in Nijeriya, idan an gama jarrabawa an gama maki, malaman kowane sashe sukan zauna su bi sakamakon ɗalibai suna bayan suna. Da wuya a rasa sunan da babu maki a gabansa ko a kwas ɗaya. Shugaban sashe zai tambaya ina wannan ya shiga, kodinetan aji ya ce ya ji labarin yaron yana kwance a gida. Sai tambaya ta biyu ta biyo baya, wadda ita ce ke yanke hukunci: "Ya rubuto?" Idan akwai takarda a fayil ɗinsa, za a rubuta cewa bai zauna jarrabawa ba da izini. Idan babu, abin da yakan shiga gaban kowane kwas shi ne F, tamkar ya zauna ya faɗi. Malaman da ke zaune a ɗakin suna iya jin tausayinsa ƙwarai, amma tausayi ba shi da gurbi a takardar sakamako.

Takardar da ake magana a kanta ita ce ta neman izinin jingine karatu saboda rashin lafiya, abin da ɗalibai ke kira yin difa. Shafi ɗaya ce, tare da rahoton likita a maƙale da ita. Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke raba ɗalibin da zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya da wanda zai dawo ya tarar da karatunsa ya lalace.

A ɗauki misalin ɗalibi ɗan aji uku a kwas na shekara huɗu. A mako na biyar na zango na biyu ya yi hatsari a kan babur, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, likitan ƙashi ya ce zai ɗauki watanni yana dogara sanda kafin ƙafar ta iya ɗaukar nauyinsa sosai. Karayar cinya takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta haɗe. Zangon karatu kuwa makonni 15 ne na lakca, sannan jarrabawa, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin ya cancanci shiga ɗakin jarrabawa. Wanda ya rasa makonni huɗu kacal daga cikin 15 ya riga ya faɗo ƙasa da wannan mizani. Wasu malamai suna kawar da kai, wasu ba sa yi. Ko an kawar da kai ma, gwaje-gwajen tsakiyar zango, waɗanda ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, sun wuce shi yana kan gado.

Lissafin asarar ba shi da wuya. A ce ɗalibin ya yi zango biyar, kowanne da yunit 18, wato yunit 90, kuma CGPA ɗinsa 3.60 ne, yana cikin daraja ta biyu ta sama, wadda ke farawa daga 3.50. Jimillar makinsa 324 ke nan. Idan ya yi rajistar yunit 18 na wannan zango kuma aka rubuta masa F a duka, makin yana nan 324, amma yanzu da 108 za a raba. Sakamakon ya zama 3.00. A tsarin da ake barin F a cikin lissafi ko bayan an sake kwas, kuma haka yake a jami'o'i da dama, ɗalibin nan yana buƙatar matsakaicin 4.50 a duk yunit 54 da suka rage masa kafin ya sake taɓa 3.50. Wato sai ya koma yana cin jarrabawa irin ta 'yan daraja ta ɗaya domin kawai ya dawo inda yake kafin hatsarin. Idan kuwa an amince masa da jingine zangon, 3.60 ɗinsa tana nan tana jiransa.

Akwai asara ta biyu da ba a cika gani da wuri ba. Kwas na shekara huɗu yana da iyakar shekara shida, domin ƙa'idar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ita ce kada ƙarin lokaci ya wuce rabin tsawon kwas ɗin. Shekarar da ɗalibi ya ɓace babu izini tana cikin wannan lissafi. Wadda majalisar jami'a ta amince da ita kuwa, a jami'o'i da yawa ba a ƙirga ta. Sannan jami'o'i da dama suna ɗaukar wanda ya yi zango biyu a jere bai yi rajista ba kuma bai rubuto ba a matsayin wanda ya bar karatu da kansa.

To, wa ake rubuta wa? A nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Mahaifi zai sa babbar riga ya tafi wajen wani malami da ya sani, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan naka yana kwance, a taimaka mana." Malamin ya ce, "Allah Ya ba shi lafiya, Alhaji, ba komai." Alhaji ya koma gida hankalinsa kwance. Amma malamin ba shi da ikon ba da wannan izini, haka ma shugaban sashe. Ikon na majalisar malaman jami'a ne, wato Sanet, ko kwamitin da ta ɗora wa aikin. Shi ya sa takardar take hawa mataki-mataki. Ana yi mata adireshi zuwa ga Magatakardan jami'a, ko shugaban majalisar a wasu wurare, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe. Kowannensu zai rubuta ra'ayinsa a jikinta ya sa hannu kafin ta wuce gaba. Takardar da aka tsallake sashe aka kai ta ofishin Magatakarda kai tsaye, sau da yawa sashen ake mayar da ita, an yi asarar makonni a banza. Littafin ƙa'idojin ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko shi ne ke faɗin ainihin wanda za a rubuta wa da wa'adin da aka ɗiba, kuma kowace jami'a da nata, don haka abin da ɗan Bayero ya yi ba lallai ya dace da ɗan Ahmadu Bello ko ɗan Usmanu Danfodiyo ba.

Da Ingilishi ake rubuta ta, domin shi ne harshen ofis a jami'o'in Nijeriya, amma abin da take ɗauke da shi bai wuce wannan ba. Bayan adireshi, kwanan wata da kanun da ke cewa neman izinin jingine karatu ne saboda rashin lafiya, ɗalibin misalinmu zai ce:

"Ni ne wane, mai lambar rajista kaza, ɗan aji uku a sashe kaza. A ranar kaza na yi hatsarin da ya jawo mini karayar cinya, aka kwantar da ni a asibiti kaza aka yi mini aiki. Likitan da ke duba ni ya tabbatar da cewa ba zan iya halartar lakca ko jarrabawa ba har zuwa watan kaza. Saboda haka ina neman a ba ni izinin jingine zango na biyu na shekarar karatu ta kaza, in dawo a zango kaza na shekarar karatu ta kaza. Na haɗo da rahoton likita, kwafin takardar rajistar kwasa-kwasaina da rasit na kuɗin makaranta."

Sai sa hannu, lambar waya da za a same shi, shi ke nan. Babu buƙatar labarin yadda mai babur ya yi ganganci, ko irin kuɗin da gida ya kashe, ko dogon roƙo. Kwamitin da zai duba ta yana da tarin irinta a gabansa, kuma abu uku yake nema: wane ne, wane zango ake so a cire daga lissafi, mece ce shaida.

Batun ambaton zango da shekarar karatu ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗalibin da ya rubuta cewa yana neman hutun wata huɗu ya bar kwamiti cikin duhu, domin jami'a ba ta lissafi da watanni. Kalandar karatu ma ba ta tafiya daidai da ta bango. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ya bar jami'o'i da dama suna gudanar da shekarar karatu mai suna daban da shekarar da ake ciki. Saboda haka a kwafo sunan shekarar karatun kamar yadda yake a jikin takardar rajista, misali 2023/2024, a kuma faɗi zango na ɗaya ne ko na biyu.

Haka nan ya kamata ɗalibi ya san abin da yake roƙo kafin ya roƙa. Kwasa-kwasan zango na biyu sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Wanda ya jingine zango na biyu, ko da ya warke bayan wata huɗu, ba zai same su ba sai shekara ta zagayo. Yana iya dawowa a zango na ɗaya idan sashe ya yarda ya ɗauki kwasa-kwasan aji huɗu, amma idan wasunsu suna da sharaɗin sai an ci na aji uku tukuna, hanya ta toshe. Ba za a iya cusa su duka daga baya ba, domin iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango yunit 24 ne. A aikace, jingine zango ɗaya yakan zama jinkirin shekara guda wajen kammalawa. Zama na rabin sa'a da kodinetan aji, da takardar kwasa-kwasai a hannu, zai nuna wa ɗalibi ko wakilinsa wanne ya fi: zango ɗaya ko shekara cikakkiya.

Takardar ɗalibi dai da'awa ce kawai. Rahoton likita shi ne hujja, kuma a nan ne mafi yawan buƙatu ke tuntuɓe. Mutane kan maƙala katin asibiti, ko takardar sayen magani, ko 'yar takardar hutun kwana uku da ake ba ma'aikata. Babu ɗaya daga cikinsu da ke amsa tambayar jami'a. Katin asibiti yana nuna cewa mutum ya taɓa zuwa asibiti, ba ya nuna cewa ba zai iya karatu ba. Rahoton da ke aiki ana rubuta shi ne a kan takarda mai kan sunan asibitin. Yana ɗauke da sunan majiyyaci daidai da yadda yake a rajistar makaranta, da lambar fayil ɗinsa ta asibiti, da ranar da aka fara ganinsa, ranar da aka kwantar da shi da ranar sallama. Yana faɗin abin da ke damunsa da maganin da ake yi masa. Sannan, mafi muhimmanci, yana da jimla guda da ke cewa a ra'ayin likita wannan majiyyaci ba zai iya halartar karatu da jarrabawa ba daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma za a sake duba shi a rana kaza. A ƙarshe sunan likita, muƙaminsa, sa hannunsa da hatimin asibiti.

Wannan jimla ta kwanaki ita ce likitoci masu yawan aiki ke mantawa da ita, domin sun saba rubuta wa junansu rahoto, inda abin da ake so shi ne bayanin ciwo. Ba laifi ba ne ɗan'uwan majiyyaci ya ce, "Likita, don Allah a saka mana tsawon lokacin da ba zai iya zuwa makaranta ba, shi makarantar take nema." A kuma duba cewa kwanakin rahoton sun rufe lokacin jarrabawa. Rahoton da ya ce majiyyaci zai huta mako shida, alhali jarrabawa sai nan da mako goma, zai sa kwamiti ya tambaya me ya hana shi zama.

A manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala, rahoto ba abu ne da ake karɓa a tsaye a bakin gado ba. Ana nemansa a rubuce, ana biyan kuɗi, a ciro fayil, likitan da ya duba majiyyacin ya rubuta, kuma hakan yana ɗaukar kwanaki. Dabarar da ta fi ita ce kada a jira shi. A rubuta gajeriyar takardar sanarwa zuwa ga shugaban sashe a cikin makon da abin ya faru, a ce rahoto yana tafe. Idan ɗalibi ba ya iya riƙe alƙalami, mahaifi ko yaya ko miji yana iya rubutawa a madadinsa, ya faɗi dangantakarsu. Wannan takarda ta farko ita ce ke tabbatar da cewa an sanar kafin jarrabawa. Buƙatar da ta iso bayan sakamako ya fito, ko da gaskiya ce tsantsa, kallon farko da ake yi mata shi ne na wanda ya ga ya faɗi yake neman mafita.

Rahoton asibitin waje kuma ba ya wucewa kai tsaye. Ana tura shi ga Daraktan asibitin jami'a ya tantance. Yana iya neman ganin ɗalibin, ko hoton ƙashin, ko ya rubuta wa asibitin da ya ba da rahoton ya tambaya ko lambar fayil ɗin ta gaske ce. Jami'o'i sun fi natsuwa da rahoton asibitin gwamnati, kuma dalilinsu sananne ne: an sha kawo musu rahoton da aka saya. Ɗalibin da aka kama da na jabu, abin da ya fara da neman hutu yakan ƙare a gaban kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga kora. Likitan da ya sa hannu a kan ƙarya shi ma yana da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya a kansa, wadda ke da ikon dakatar da shi ko soke sunansa daga rajista. Shi ya sa likita mai mutunci zai ƙi mayar da kwanan wata baya, komai kusancinsa da iyalin.

Akwai wata matsala da ta fi shafar gidajenmu. Da ɗalibin misalinmu ya karye, da yawa daga cikin dangi wajen mai ɗori za su ce a kai shi. Ko mene ne ra'ayin mutum game da ɗorin gida, mai ɗori ba shi da takardar da jami'a za ta karɓa. Haka ma wanda aka kai ƙauye ana yi masa sassaƙe, ko wadda ake yi wa ruƙiyya. Bayan wata biyar a zo asibiti ana neman rahoto, likita ya ce bai taɓa ganin majiyyacin ba, kuma gaskiyarsa. Abin da zai iya rubutawa shi ne abin da ya gani a yau, misali alamar tsohuwar karaya a hoto, wanda ba zai tabbatar da ranar da abin ya faru ba. Iyalin da suka kai shi asibiti tun ranar farko, aka buɗe fayil, aka ɗauki hoto, aka riƙa komawa ganin likita, suna da abin da za su nuna.

Ciwon da ya fi wuyar rubutawa shi ne wanda ake jin kunyar faɗa: taɓin ƙwaƙwalwa, matsananciyar damuwa, farfaɗiya, tarin fuka, ko ɓarin ciki ga matar aure. Ɗalibai da yawa sun gwammace su ɓace shiru da a ga sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware a fayil ɗinsu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a wannan sha'ani ba kowa ne ya kamata ya gani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan lafiyar majiyyaci sirri ne, kuma ba a fitar da su sai da yardarsa ko bisa wani dalili na doka. Ɗalibi yana iya cewa a takardarsa "rashin lafiya da ke buƙatar jinya mai tsawo" ya tsaya a nan, ya roƙi likita ya aika cikakken rahoto a rufe zuwa ga Daraktan asibitin jami'a. Daraktan, wanda shi ma likita ne da ƙa'idar sirri ta ɗaure, zai rubuta wa sashe cewa ya duba ya gamsu. Gara a je a tambayi asibitin jami'a yadda suke karɓar irin wannan kafin a miƙa komai a ofishin sashe, inda fayil ke bi ta hannun mutane da yawa.

Ranar miƙa takarda a tafi da kwafi biyu. A ba da ɗaya, a sa sakataren sashe ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan, a ɗauki hotonsa a waya. Takardu suna ɓacewa tsakanin ofis da ofis ba tare da mugun nufin kowa ba, kuma kwafi mai hatimi shi ne kaɗai abin da zai nuna ranar da aka kawo. Bayan haka sai bibiya. Majalisar jami'a ba kullum take zama ba, don haka amsa tana iya ɗaukar makonni ko watanni. "An ce an amince" ba amincewa ba ce. Amincewa ita ce wasiƙa daga ofishin Magatakarda mai ɗauke da sunan ɗalibi, zangon da aka jingine da lokacin dawowa. A tambaya a rubuce ko kuɗin makarantar da aka biya zai tsallaka zuwa shekara mai zuwa, domin ba ko'ina ake yin haka ba. Mai cin tallafin karatu na jiha ko bashin ɗalibai na NELFUND ya sanar da su. Wanda shekarunsa suka kusa 30 kuma ya tuna cewa wanda ya haura 30 a lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon zuwa hidimar ƙasa.

Dawowa ita ma da takardarta. Kafin zangon da aka ambata ya fara, ɗalibi zai rubuta ta hanyar da ya bi da farko cewa ya shirya komawa, ya haɗa da kwafin wasiƙar amincewa da shaidar likita cewa ya samu sauƙin da zai iya karatu. Da wannan ne ake sake buɗe masa shafinsa na rajista. Idan kuwa lokacin ya yi ƙafar ba ta haɗe ba, ko likita ya ce a ƙara wata uku, izinin farko ba ya miƙewa da kansa. Sai an rubuta sabuwar takarda da sabon rahoto kafin wa'adin ya cika, domin zangon da ya biyo bayan wa'adin, idan babu sabon izini, ana lissafa shi ne a matsayin rashin zuwa.